Fitar da hayaƙi daga fakin na ƙarƙashin ƙasa: bututun iska ko fankar jet?

Mai zanen wurin ajiye motoci a ƙarƙashin gini, inda babu tagar da iska za ta ratsa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya shimfiɗa bututun iska a silin, ya bi da shi lungu-lungu yana zuƙar hayaƙi, ko kuma ya bar silin fayau, ya rataye ƙananan fankokin jet da za su riƙa kora iska zuwa bakin rijiya, wato ramin da ke haurawa da iska waje, inda manyan fankoki ke zuƙa. Kafin a auna su, akwai magana guda da ya kamata ta zauna a kai, domin a kanta ake yawan yin tuntuɓe: fankar jet ba ta fitar da ko ɗigon hayaƙi daga ginin. Aikinta turi ne kawai. Abin da ke fita waje shi ne abin da manyan fankokin zuƙa suka ɗauka, ko an rataye fankar jet biyu ko an rataye hamsin.

Bari mu ɗauki waje guda mu yi ta komawa kansa. Tsawonsa mita 80, faɗinsa mita 40, daga daɓe zuwa silin mita 3. Faɗin ƙasarsa murabba'in mita 3,200 ke nan, iskar da ke cikinsa kuma kubik mita 9,600. Gangaren da motoci ke shiga yana wannan ƙarshe, rijiyar fitar da iska tana wancan. Bim-bim na kankare sun sauko rabin mita daga silin.

Iskar da za a zuƙa

Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda masu zane da yawa ke aro tare da BS 7346-7, ƙa'idar Birtaniya ta sarrafa hayaƙi a wuraren fakin, ta ce a sauya iskar wurin sau 6 a awa a kwanakin lafiya saboda hayaƙin salansar motoci, a kuma sauya ta sau 10 a awa idan gobara ta tashi. A wurinmu, sau 6 na nufin kubik mita 16 a sakan, sau 10 kuma 26.7 a sakan. Ana raba wannan nauyi a kan fankoki aƙalla biyu, kowace ta ɗauki rabi, don idan ɗaya ta mutu kada a rasa duka. Dole su jure zafin digiri 300 na awa guda, abin da ake rubuta wa F300 a jikin fanka bisa gwajin EN 12101-3, kuma su sami wutar ko-ta-kwana ta wayoyi masu jure wuta. Wannan lissafi ɗaya ne a tsarin bututu da tsarin jet. Inda ƙasa ke da nata dokar, ita ce a gaba.

Bambancin yana cikin yadda iskar ke isa bakin fankokin.

Bututu: abin da yake ci da abin da yake bayarwa

A tsarin bututu, ana raba bakunan zuƙa gida biyu, rabi a sama kusa da silin, rabi a ƙasa kusa da daɓe, sai a yi ta sauko da ƙananan rassa a jikin ginshiƙai. A wurinmu, a ce an raba iskar reshe biyu, kowane na ɗauke da kubik mita 13.4 a sakan. Idan iska na gudun mita 10 a sakan a ciki, bakin bututun zai kai murabba'in mita 1.34 a kusa da fanka. In an ba shi kaurin rabin mita, faɗinsa ya doshi mita 2.7. Yanzu a ƙirga: silin mita 3, bim ya ci rabin mita, bututun da ya bi ta ƙarƙashin bim ya ci wani rabin. Saura mita 2 cif, alhali yawancin wuraren fakin ba sa yarda a gaza mita 2.1. Ko dai a ƙara haƙa ƙasa, ko a lallatsa bututun ya ƙara faɗi har ya shiga hanyar bututun ruwa da wayoyi. Ƙarin haƙa a ƙarƙashin gini kuwa ba ƙaramar magana ba ce, musamman inda ruwa ke kusa.

Sai ƙarfin da ake ɓatawa wajen jan iska ta dogon bututu mai kwana-kwana. A ce juriyar bututun, wato matsin da fanka za ta rinjaya kafin iska ta wuce, ta kai faskal 800, ingancin fankar kuma kashi 65 cikin ɗari. Injinan za su sha kusan kilowat 33. Idan babu bututu sai rijiya da salansar rage ƙarar fanka da ragar waje, juriyar na iya tsayawa wajen faskal 300, wato kusan kilowat 12. A ɗora fankokin jet takwas masu cin kilowat ɗaya da ɗan kai kowace, jimla ta tsaya ƙasa da 25. Ratar ba ta kai yadda masu talla ke kururutawa ba, amma akwai ta, kuma tana rage girman janaretan da za a ajiye.

Kada a raina bututu duk da haka. Ba ya dama iska. Hayaƙi mai zafi yana taruwa a sama ya yi shimfiɗa, ƙasa ta zauna da sauƙi na ɗan lokaci, bututu kuma yana tsotsa a hankali ba tare da ya rushe wannan shimfiɗa ba. Rauninsa shi ne zuƙa ba ta da dogon hannu. Ka sa tafin hannunka taku ɗaya daga bakin ragar zuƙa, da ƙyar za ka ji motsi, amma iskar da aka hura tana kai mita goma da doriya. Shi ya sa a tsarin bututu ake samun lungunan da iska ke kwanciya tsakanin wannan baki da wancan, kuma rabin zuƙar da ke ƙasa, a lokacin gobara, iska mai tsabta take kwasa.

Fankar jet: ƙarfin turi da iskar da take ja

Ba a auna fankar jet da yawan iskar da ke ratsa ta, da ƙarfin turinta ake aunawa, a niyuton. Lissafin gajere ne:

```
F = ρ × Q × v
50 N ≈ 1.2 × 1.9 × 22
```

Wato nauyin kubik mita guda na iska sau yawan iskar da ke fita sau gudunta. Fankar da ke fitar da kubik mita 1.9 a sakan da gudun mita 22 a sakan tana ba da kusan niyuton 50. Abu biyu ke fitowa daga wannan. Idan aka rage gudun fanka zuwa rabi, kamar yadda ake yi a kwanakin lafiya, turin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba rabi ba. Idan kuma fankar ta shiga cikin hayaƙi mai zafin digiri 300, nauyin iskar ya ragu kusan rabi, turinta ma ya ragu haka. Fankar da ke daf da wuta ita ce mafi rauni a daidai lokacin da aka fi sa mata rai, don haka kada a jingina zane a kanta.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne iskar da jet ke ja. Iskar da ta fito da gudu tana kwasar ta gefenta tana tafiya da ita, kamar yadda ruwa mai gudu ke ɗibar yashi. A sarari, mita 10 daga bakin irin wannan fanka, iskar da ke tafiya ta kusa ninka ta farko sau goma. A ƙarƙashin silin abin yana raguwa domin babu iskar da za a ja ta sama, a ce ya tsaya wajen kubik mita 13 a sakan. Fankoki biyu kafaɗa da kafaɗa sun kora kusan 26 ke nan, daidai da abin da rijiyarmu ke iya haɗiya. Idan mai zane ya ga faɗin mita 40 ya yi masa yawa ya jera huɗu, to ya tura sama da 50 zuwa bakin da ke shan 26.7 kawai. Ragowar ba ta da inda za ta. Za ta bugi bangon ƙarshe ta juyo, ta biyo tsakanin layukan fankokin da jikin bango, ɗauke da hayaƙi, ta kai shi har inda wuta ba ta je ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi a tsarin jet, kuma daga kyakkyawar niyya yake fitowa: ana ganin ƙarin fanka ƙarin tsaro ne.

Alamarsa ba ta ɓuya a gwaji. Saki hayaƙin gwaji a tsakiyar wurin, ka tsaya a bayan layin fankoki na ƙarshe, kusa da bango. Idan ka ga hayaƙin yana dawowa ta wajenka a tsayin ƙirji yayin da na sama ke gaba, turi ya fi zuƙa. Maganin shi ne a rage fankokin da ke tashi lokaci guda, a bar layin ƙarshe a kashe ko a ƙaramin gudu, ko a ƙara girman zuƙa.

Share hayaƙi ko tare hayaƙi

Nan ne ainihin zaɓin yake, ya ma fi batun bututu da jet nauyi. Sauya iska sau 10 a awa share hayaƙi ne: yana rage kaurinsa da zafinsa yayin da ake kashe wuta, yana kuma wanke wurin bayan an gama. Ba ya hana hayaƙi cika wurin. A duba lissafi. Faɗin mita 40 sau tsayin mita 3 ya ba da murabba'in mita 120. A raba 26.7 da 120, sai a ga iskar wurin gaba ɗaya tana tafiya da gudun mita 0.22 a sakan. Hayaƙin motar da ke ci yana bazuwa a silin ta kowace fuska da gudun da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ba zai ma san ana tura shi ba.

Tare hayaƙi wani aiki ne dabam. Manufarsa a riƙe hayaƙin a ɓangare guda, a bar wa 'yan kwana-kwana hanya mai haske daga bayansu har zuwa kusan mita 10 daga gindin wutar. Ba a lissafa shi da sauyin iska, da girman wuta ake lissafawa. BS 7346-7 ya ba da megawat 4 inda akwai na'urar yayyafa ruwa, wato mota guda, da megawat 8 inda babu, domin wutar ta tsallaka maƙwabciya. A ce lissafi ya nuna ana bukatar iska mai gudun mita 1 a sakan don hayaƙi ya kasa komowa baya. A faɗin wurinmu duka, kubik mita 120 ke nan a sakan, sauyin iska sau 45 a awa. Rijiyar da fankokin da janaretan duk sun ninka fiye da sau huɗu. Abin da jet ke yi a nan shi ne ya tattara gudun iskar a yankin da wutar take maimakon faɗin duka, sai zuƙar da ake bukata ta ragu. Amma ba za ta taɓa sauka zuwa 26.7 ba. Duk wanda ya ce zai tare hayaƙi da sauyin iska sau 10 don kawai ya rataye fankokin jet, a nemi ya nuna lissafinsa.

Bututu ba ya iya wannan aiki ta hanya mai ma'ana. Saboda haka idan hukumar kashe gobara ko tsarin ginin ya bukaci a tare hayaƙi, zaɓi ya riga ya faɗa kan jet, tare da na'urorin gano wuta masu nuna takamaiman yanki, domin tsarin ya san fankokin da zai tayar da waɗanda zai bari.

Doguwa ko shimfiɗaɗɗiya, da inda za a rataye ta

Fankar jet iri biyu ce. Akwai doguwa mai siffar ganga, farfela a tsakiya, salansa gaba da baya, faɗin bakinta daga milimita 315 zuwa 400, turinta yawanci daga niyuton 20 zuwa 50 da ɗoriya. Akwai kuma shimfiɗaɗɗiya mai siffar akwati, wadda ke zuƙa ta ƙasa ta fitar ta siririn baki mai faɗi, kaurinta wajen santimita 30, turinta na kai niyuton 50 zuwa 100. Doguwar ana samun mai juyawa gaba da baya, abin da ke da amfani idan akwai rijiya a ƙarshen nan da ƙarshen can, ana zaɓar wadda ta fi kusa da wuta. Shimfiɗaɗɗiyar fuska ɗaya take hurawa.

Bim ne ke raba gardama tsakaninsu. Idan bim-bim sun miƙe ta fuskar da iska za ta bi, an huta: a cusa fankar a tsakaninsu ta hura tsawon kwarin. Idan sun gitta hanya, sai a zauna da ma'auni. A wurinmu, doguwar fanka da aka manna a silin tsakiyar bakinta na wajen santimita 30 ƙasa da silin, bim kuma ya sauko santimita 50. In bim ɗin na mita 3 a gabanta, iskar za ta daki kankare ta watse. Ana sa 'yan fukafukai a baki su karkatar da iskar ƙasa, amma karkatar digiri 5 tana saukar da ita santimita 26 ne kawai a cikin mita 3, don haka rabin sama na iskar zai ci karo duk da haka. Ga kuma halin iska mai gudu na son manne wa silin, tana hawa ko an nuna mata ƙasa. In an ce a sauke fankar gaba ɗaya ƙasa da bim, kaurinta da salansa wajen santimita 45 ne, saura mita 2.05, an gaza. Shimfiɗaɗɗiya a daidai wannan wuri tana barin mita 2.2. A silin gajere mai bim masu gittawa, ita ce amsa. A silin mai tsayi ko mai santsi, doguwar ta wadatar, kuma sau da yawa ta fi sauƙin kuɗi.

A rataye fankoki a saman hanyar da motoci ke bi, ba saman inda suke tsayawa ba, domin doguwar mota ɗaya da ta yi fakin a gaban fanka ta isa ta kashe turinta. A duba bayan fankar kamar yadda ake duba gabanta: bakin zuƙa da aka matse da bango ko bim ba ya samun iska. Allunan nuna hanya da tiren wayoyi da bututun ruwa, waɗanda ake kafawa bayan mai fanka ya tafi, su ne ke yawan tsayawa a gaban baki, don haka a zagaya a duba bayan kowa ya gama aikinsa. Kada fanka ta hura kai tsaye zuwa ƙofar matakala, kada matsin iskar ya tura hayaƙi cikin hanyar tsira ko ya sa ƙofar ta yi nauyin buɗewa. A wurinmu, farkon zane mai hankali shi ne layi biyu da suka bi tsawon wurin, fanka huɗu a kowane, tazarar wajen mita 16 zuwa 18, ta ƙarshe kuma a ja ta baya sosai daga bakin rijiya. Lungun da ke bayan ɗakin matakala ko ƙarƙashin gangare, inda iska ke kwanciya, ƙaramar fanka guda ta ishe shi.

Iskar da ke shigowa

Abin da aka zuƙa dole a maye gurbinsa, kuma a hankali. Ana so gudun iskar shigowa kada ya wuce mita 2 a sakan, don kada ta dama hayaƙi. Ga 26.7, ana bukatar buɗaɗɗen baki na murabba'in mita 13.4. Gangare mai faɗin mita 6 da tsayin 2.4 ya ba da 14.4, ya isa. Amma a sa masa ƙofar raga wadda rabinta ƙarfe ne, sai bakin ya koma 7.2, gudun ya haura 3.7. In ƙofar rufaffiya ce ruf kuma ba a haɗa ta da ƙararrawar gobara ta buɗe da kanta ba, fankokin za su yi ta ƙugi suna jan iska ta ƙarƙashin ƙofofin matakala. Wurin shigar iskar ma abin dubawa ne. Idan gangare da rijiya suna gefe guda, iska za ta yanke ta gajeriyar hanya ta bar sauran wurin. A nan jet ya fi bututu sassauci, domin ana iya zagayawa da iskar ta wancan ƙarshe kafin ta dawo, ko da yake mafi alheri a matsar da rijiyar tun a takarda.

Wa ke fara tashi

Tunda jet dama iska yake yi, da zarar ya tashi shimfiɗar hayaƙin sama ta rushe, duhu ya sauko har daɓe a gaban wutar. Shi ya sa ba a tayar da shi nan take. Da ƙararrawa ta kaɗa, manyan fankokin zuƙa su hau cikakken gudu, ƙofofin shigar iska su buɗe, fankokin jet da ke aikin yau da kullum su tsaya. Sai bayan jinkirin da aka lissafa daga lokacin da mutane ke bukata su kai ƙofar fita, 'yan mintuna, sannan su tashi. Inda akwai na'urar yayyafa ruwa, jinkirin na ba ta damar jin zafi ta fashe a kan motar da ke ci, maimakon iska ta kwashe zafin ta fasa na gaba. Tsarin bututu ba shi da wannan sarƙaƙiya, kuma wannan abin lissafawa ne a ginin da ba a da tabbacin za a riƙa kula da allon sarrafawa.

To wanne za a ɗauka? Ƙaramin fakin mai ɗakuna da katangu da yawa, inda iska ba ta da miƙaƙƙiyar hanya, kuma share hayaƙi kawai ake nema, bututu ya fi dacewa da shi in silin na da tsayi. Waje mai faɗi a buɗe irin namu, mai gajeren silin, jet ne, da zuƙar sau 10 in sharewa ce manufa, da zuƙa mai ninkin haka in tarewa ce. A tsarin jet, a nemi a gwada zanen a kwamfuta da CFD, wato manhajar kwaikwayon tafiyar iska da hayaƙi, kafin a sayi komai, kuma a buɗe hoton a duba ko an sa bim-bim da motoci a ciki, domin zanen da aka yi da silin mai santsi da fili babu mota kullum kyau yake yi. Ranar karɓar aiki, a auna iskar bakin rijiya da ma'aunin gudun iska a wurare da dama a ɗauki matsakaici, a tabbatar kowace fanka na hurawa ta fuskar da kibiyar zane ta nuna, domin musanya waya biyu a haɗin wuta ya isa ya juya farfela baya, sannan a yanke wutar gari ana tsakiyar gwaji a ƙirga sakan nawa janareta ya ɗauka kafin fankokin su dawo. Hayaƙin gwaji mai sanyi yana nuna hanyar iska da lungunan da ta kwanta, amma ba ya hawa silin kamar na gobara, don haka inda aka yi alkawarin tare hayaƙi, a yi gwajin da hayaƙi mai zafi.